Sunan Ɗan Farina a Rinjin Madugu

Yanzu in na zauna a bakin zaure da hantsi, yara suna wucewa makaranta, sai in ji wannan ya kira wancan Abdul, wancan ma ya amsa da Abdul, kamar gari ya rasa suna. Ni kuwa ba na iya yin shiru. Sai in ɗaga sanda in tare hanya in ce, "Abdul na wa?" Su tsaya suna kallona, su yi dariya su ruga, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Rabin suna suke kira su bar rabin a ƙasa, kuma a kan rabin da suke yarwa ɗin nan na rasa ɗaki da gona, da geronmu yana tsaye ya fara fitar da kai.

A rinji aka haife ni, can bayan duwatsun Dutsin-Ma, lokacin da garin bai wuce a zaga shi kafin tuwo ya huce ba. Rinji shi ne ƙauyen bayi, in ba ku sani ba, don na lura yaran yanzu sun ɗauka sunan wata unguwa ne. Namu na wani attajiri ne da ake kira Madugu, wanda ya yi fataucin kanwa da goro har ya gaji ya zauna. Uwata tasa ce, ubana nasa ne, ni ma da na faɗo duniya na tarar ni tasa ce. Da sassafe gangar noma ke tayar da maza su tafi gandunsa, sai azahar a sallame su kowa ya je ya taɓa gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa. Mu mata kuwa daka ne da surfe da kai abinci gona. Har yau in na rufe ido ina jin luguden taɓare goma a tsakar gida ɗaya, da kukan shanun Fulani suna gangarawa rafi, da muryar uwata tana cewa in rage surutu kada bakina ya ja mani. Injin niƙan da ke bayan gidan nan ya fi mu sauri, amma bai taɓa sa kowa waƙa ba.

Sunayenmu ma na rinji ne. Akwai Nagode, akwai Dangana, akwai Allah-bar-Madugu, akwai Arzikin-gida. Madugu ke aiko da suna in an haihu, yadda mai shanu ke sa wa ɗan maraƙi. Sunan littafi, irin wanda malam ke raɗawa da addu'a a yanka rago, wannan na 'ya'ya ne, muna dai jinsa daga nesa. Muna salla, muna azumi, amma karatunmu bai wuce abin da za a yi salla da shi ba.

Ina sabuwar amarya Nasara suka ci ƙasar. Ni sau ɗaya na ga Bature a shekarun nan, a kan doki, fuskarsa ja kamar an yi masa ɓarin barkono. Amma maganarsa ta riga shi isowa: an hana kasuwar bayi, wanda ya iya ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, kuma duk jaririn da aka haifa daga yanzu ɗa ne, ba mai shi. Rinji ya cika da raɗe-raɗe. Ka kwana da maƙwabci, ka tashi ka tarar da ɗakinsa wayam, ya bi hanyar garin da aka kamo uwarsa. Madugu ya daina dariya. Yana zuwa gandu da kansa, ya tsaya yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan zaman ɗarɗar ne, da damina ta yi tsaka, na haifi ɗan farina, namiji, jariri na farko a rinjin tun bayan shelar.

Washegari saƙo ya zo daga Madugu, kuma ba irin wanda aka saba ba. Ya ce wannan yaro za a yi masa suna irin na 'ya'ya, liman zai zo, za a raba goro, shi zai ba da rago. Sunan kuwa Abdul-Madugu. Kai, ranar nan na yi fahari. Ina kwance a kan gadon jego, jikina duk zafin ruwan wanka, amma bakina bai rufu ba. Mata suna shigowa barka ina faɗa masu, ɗana zai yi sunan malamai, Abdul ne a gaba kamar ɗan liman. Maigidana ma yana yawo a tsakar gida yana washe baki. Ba wanda ya san ma'anar kalmar a cikinmu. Mun ɗauka ado ce da ake ɗora wa sunan manya, kamar rawani.

Mai zuwa ta ɓata mani murna ita ce Inna Malama, yayar limamin ƙauyen da ke kusa da mu. Tsohuwa ce siririya mai karatu, ita ke koya wa matan aure alwala da salla, kuma ba ta ƙyamar shigowa rinji. Ta zo da rubutun sha a 'yar ƙwarya, ta ɗauki yaron ta tofa masa addu'a. Ni kuwa na kasa haƙuri na faɗa mata sunan. Sai na ga hannunta ya tsaya a kan yaron.

"Sake hwaɗi in ji," in ji ta.

Na sake faɗa, muryata ta ɗan yi ƙasa.

"Ɗiyata, kin san mi ake nufi da Abdu?"

Na ce suna ne.

"Bawa ake nufi. Abdu da Larabci shi ne bawa. Kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an hwaɗi ko na wa ne. Abin da ya biyo baya shi ne mai bawan."

Ta ajiye yaron a cinyarta ta ciro carbi, ta fara ja mani a hankali yadda ake yi wa yaro ɗan fara karatu. Ta ce Abdullahi guda biyu ne aka haɗa, Abdu da Allah, wato bawan Allah, kuma shi ne muke gajartawa mu ce Audu. Ta ce Allah yana da kyawawan sunaye casa'in da tara, kowanne yana faɗin wani abu game da Shi, kuma kowanne ana iya sa Abdu a gabansa ya zama sunan mutum. Rahmanu shi ne Mai rahama ga kowa da kowa, to Abdurrahman bawan Mai rahama. Rahimu Mai jinƙai. Maliku Mai mulki, Ƙadiru Mai iko a kan komai, Karimu Mai karamci, Azizu Mabuwayi wanda ba a rinjayarsa, Salamu Mai aminci, Wahhabu Mai yawan kyauta, Gafuru Mai gafara, Hadi Mai shiryarwa. Tana faɗa tana sakin ƙwayar carbi, ni kuma ina tuna mutanen da na sani. Ashe Kadiri mai jimar fata da Mumini maƙeri duk rabin sunansu muke kira. Ta ce wannan "ul" da ke tsakiya na sunan Allah ne da ke biye, shi ya sa a wani wuri ake jinsa, kamar Abdulkarim, a wani wurin harshe ya haɗiye shi, kamar Abdussalam da Abdurrahim. Mace kuma ana ce mata Amatu, wato baiwa, a ce Amatullahi.

Na ce to ai Madugu ma babban mutum ne. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Ba a haɗa Abdu da sunan wani mahaluƙi, komi girmanshi. Ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ba a cewa bawanshi, balle sarki, balle mai kanwa. Larabawan jahiliyya sun yi haka, wani bawan rana, wani bawan gunki, wani bawan Ka'aba. Da suka musulunta Annabi ya canza masu. Ya kuma ce sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Wasu sunayen ma, irin Rahmanu da Samadu da Haliƙu, ba a kiran mutum da su tsurarsu, sai da Abdu a gaba, don na Allah ne Shi kaɗai."

Sai ta rage murya, ta leƙa ƙofa. Ta ce Madugu ya yi yawon duniya, ya san abin da yake yi. In ya ce Bawan-Madugu da Hausa, magana za ta kai kunnen alƙali ko na Nasara. Shi ya sa ya sa wa abin rigar Larabci, liman ya raɗa, jama'a su shafa fatiha, maroƙi ya yi shela. Daga nan duk wanda ya kira yaron, har ni uwarsa, ya ba da shaida cewa na Madugu ne. Kuma duk jaririn da zai biyo baya a rinjin haka za a yi masa.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa nono ya ɗauke. Na ce ta gaya wa ƙanenta liman ya ƙi. Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ƙanenta ya san hukuncin sarai, amma rumbunsa da zakkar Madugu yake cika, kuma mutum ne mai sanyin hali. Abu ɗaya ne zai ba shi ƙafar tsayawa. A shari'a uba ke da haƙƙin zaɓa wa ɗansa suna, kuma liman yakan tambayi uba kafin ya yi addu'a. In uban ya buɗe baki ya faɗi suna na gari a gaban mutane, liman zai kama. In ya yi shiru, to ita ba ta san abin da zai faru ba.

Uban kuwa, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da tun yana yaro bai taɓa ɗaga ido ya kalli Madugu ba. In Madugu ya yi masa magana, i'ina ke kama shi. Da la'asar ya dawo daga gayauna, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin, don ba ya shiga ɗakin mai jego. Na faɗa masa duk abin da na ji. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke.

"Ke kin san abin da kike cewa kuwa? Ɗakin ga nashi ne. Gayaunar ga tashi ce. Gero ya fara kai. In ya kore mu da jinjiri cikin ruwan ga, mi za mu ci?"

Na yi fushi, na ce masa maganganun da ba a faɗa wa miji, shi kuma bai rama ba, ya tashi ya tafi. Da Inna Malama ta dawo duba ni, na mayar mata da tambayarsa yadda ya yi ta. Ta ja carbinta ta tsaya a kan ƙwaya ɗaya. Ta ce a cikin sunayen akwai Razzaƙu, Mai arzurtawa, wanda ke ciyar da tsuntsu da kiyashi da Madugu kansa. Ta haɗa mani shi da Abdu, na maimaita har ya zauna a bakina. Ba zan haɗa maku shi a nan ba, za ku ji dalili.

Sauran kwanakin kafin suna, kullum ya tsuguna a bakin ƙofa sai in faɗa masa sunan ƙasa-ƙasa, in gaya masa ma'anarsa. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Wani lokaci in ji yana gwadawa a bayan ɗaki, harshensa yana sarƙewa a tsakiya. An kawo ragon Madugu, fari ƙato, aka ɗaure shi a gindin turmi daidai inda nake ganinsa. Duk kukan da ya yi sai gabana ya faɗi. Mata suna ta surfen gero na kunu da waina suna yi mani barka da arziki, ni kuwa kunun kanwa ma da ƙyar yake wuce mani.

Ranar suna gari ya waye da hadari. Maza suka taru a filin da ke bayan danga, mu mata muna ciki, kuma tsakanina da su zana ce kawai. Na rungume yaron na matsa jikin zanar, na sami wata 'yar kafa. Ga Madugu a kan buzu da babbar riga, ga liman a gefensa yana ta gyara rawani ba dalili, ga mahauci riƙe da rago da wuƙa, ga maroƙi yana jiran abin da zai yi shela da shi. Maigidana yana can ƙarshen tabarma a tsugune, kansa a ƙasa. Aka raba goro. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Ina uban yaro? Wane suna aka zaɓa?"

Madugu bai bari an juya wajen maigidana ba. "Na riga na hwaɗi. Abdul-Madugu."

Liman ya dubi carbinsa, ya dubi ƙasa. Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi.

"Ranka ya daɗe, Abdu ba ya hawa sai kan sunan Allah. In kana so a ce Abdulkarim ko Abdulmalik, yanzu in raɗa. Wanga kuwa bakina ba ya iya ɗaukar shi, don ni za a tambaya gobe."

"Malam, hatsin wa ke cikin rumbunka?"

"Naka ne, ranka ya daɗe." Ya sunkuyar da kai, har na ce shi ke nan ya karaya. Sai ya ƙara da cewa, "Amma uba ake tambaya. Haka littafi ya ce."

"Uban nawa ne," in ji Madugu. Ya juya ya kafa wa maigidana ido. "Kai, gaya mashi sunan da na ba ka."

Ban san lokacin da na danne yaron a ƙirjina ba, har ya tsala kuka. Kukan ya ratsa zanar, kowa ya ji. Maigidana ya ɗago kai, ba wajen Madugu ba, wajen kukan. Ya fara, "Ab... Ab..." ya tsaya. Madugu ya gyara zama yana jira, don duka sunayen biyu da haka suke farawa. Sai maigidana ya faɗi sunan da na koya masa, tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Liman bai jira ko ƙiftawar ido ba. Ya ɗaga hannu ya ja fatiha da ƙarfin da ban san yana da shi ba, jama'a suka ɗaga nasu, don ba wanda zai ƙi amsa fatiha. Ya ambaci sunan, ya roƙi Allah ya raya shi a kan Musulunci, aka shafa. Maroƙi ya dubi Madugu, ya dubi liman, sai ya yi shelar a gajarce kamar mai tsoron a ji. Amma an ji. A cikin gida wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka kasa taya ta.

Madugu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa mahauci ya ja ragonsa ya mayar gida. Sannan ya dubi maigidana ya ce, "Tunda ka samo mashi wani ubangidan, sai ya ba ku ɗaki da gona. Kada in tarar da ku bayan an yi arba'in." Ɗan tauren Inna Malama aka jawo aka yanka, ramamme, naman bai zaga rinji ba. Shekarar nan rumbun liman bai ga zakkar Madugu ba, kuma bai taɓa yi mana gori ba.

Ina gama wankan jego muka fita, yaro a baya, tukunya da taɓarya a kai. Muka bi ta gefen gayaunarmu, gero ya yi kai ya sunkuya, maigidana bai waiwaya ba, ni ce na yi ta waiwaye ina kuka. Madugu bai biyo mu ba, don zamanin bin sawu ya wuce, amma sai da maigidana ya yi shekaru yana ƙodago kafin ya fanshi kanmu a gaban alƙali. A ƙasar Kurfi muka sauka, wajen Birchi, inda mai gari ya nuna mana daji ya ce mu sare. Ba zan ce maku mun ji daɗi ba. Mun ci tafasa da rama ba gishiri, na yi wa matan Fulani daka a biya ni da tsaki da nono, akwai ranakun da na tambayi kaina ko suna ya kai wannan wahala. Amma ba mu kwana da yunwar da ta kashe mu ba, kuma na ji labari jariran da aka haifa a rinjin bayanmu duk sunan littafi aka raɗa masu.

Ga dalilin da na ce za ku ji. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, kunya ce, ko a bayan idonsa. Yanzu ina jin 'yan mata suna ƙwala wa nasu kira tun daga bakin titi, har da ɗaga shi sama a gaban surukai. Mu ba mu yi haka ba. Tun daga safiyar da liman ya shafa fatiha, sunan nan da na koya wa ubansa a bakin ƙofa ya fita daga bakina. Ina ce masa "yaron nan", da ya girma na koma "mai sunan malam", da ya yi iyali na ce "uban su wance". In wani mai irin sunan ya zo, sai in ce masa "mai sunan yaron nan". Ya yi karatu, ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya, furfura ta fito masa ina raye.

Bara waccan ciwo ya kwantar da shi, aka dawo da shi daga asibiti aka ce a yi ta addu'a. Ina zaune a gefensa da rana ina kore masa ƙuda, sai ya buɗe ido ya ce, "Inna, kowa ya ba ni labarin sunana, har liman kafin ya rasu. Amma ban taɓa jin shi a bakinki ba."

Na dubi ƙofa, ba kowa. Na sunkuya daidai kunnensa, inda ubansa ya yi masa kiran salla ranar da ya zo duniya, na ce, "Abdurrazaƙu."

Ya ce, "Na'am."